Imel zuwa ga Dakta: neman ƙarin wa'adi da batun layi 1,000

Auwal: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka riga mu a wannan hanya su duba mini wannan saƙo kafin in tura wa Dakta. Jingar da ya ba mu a kwas ɗin nazarin bayanan lafiya ranar Juma'a ƙarfe 4 na yamma za a miƙa, yau kuma Talata. Abin da takardar ta ce shi ne a yi lojistik da data mai wakiltar ƙasa, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, mai layi aƙalla 1,000, sannan a miƙa rahoto tare da datar. Ni na ɗauki tsumburewar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar Filato, da datar NDHS, wato binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya, ta 2018. Na rubuta saƙon da Hausa tukuna don mu daidaita ma'ana, daga baya in juya shi zuwa Turanci:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Na rubuto ne saboda ina fuskantar wasu matsaloli game da jingar da ka ba mu, musamman ɓangaren data, ga kuma matsalar wuta da netwok. Ina roƙon ka taimaka ka ƙara mini lokaci kaɗan, kuma ka ƙara mini bayani a kan irin datar da ake so. Na gode."

Ishaku: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga laifinsa ba, akwai ladabi. Tura kawai.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam Auwal. Ladabi kam akwai, amma ka sa kanka a kujerar mai karantawa. Ya buɗe a waya tsakanin lacca da mitin. Bai san wane kwas ba, domin ba naku kaɗai yake koyarwa ba. Bai san "lokaci kaɗan" kwana biyu ne ko sati biyu ba. "Ƙarin bayani a kan irin datar" kuma aiki ne ka ɗora masa, sai ya zauna ya sake rubuta takardar jingar daga farko, bai ma san wane gefe ne ya shige maka duhu ba. Saƙo irin wannan amsa biyu yake samu: ko "ka same ni a ofis", ko shiru. Duka biyun kwana suke ci, kai kuma kwana uku gare ka.

Kafin mu taɓa kalmomin, gaya mana: datar tana hannunka ko har yanzu jira kake? Idan tana hannunka, me ka gani da ka buɗe?

Auwal: Tana hannuna Malama. Na yi rajista a shafin DHS Program, an amince, jiya Litinin na sauke. Fayil ɗin yara na ɗauko, NGKR7BFL.DTA. Gaba ɗaya layi 33,924 ne. Amma da na ware Filato, na kuma cire waɗanda ba a auna tsayinsu ba, sai na ga ba su kai 400 ba. A nan hankalina ya tashi.

Malama Hadiza: To ai ga imel ɗinka nan ka rubuta shi ba ka sani ba. Wannan shi ne abin da Dakta yake buƙatar gani, ba wuta da netwok ba.

Kuma ba kuskure ka yi ba, haka binciken yake. A 2018 ba kowane gida aka auna yara ba, kashi ɗaya cikin uku na gidajen aka ware don awon tsayi da nauyi, su ne gidajen da aka zaɓa don tambayar maza. Sannan fayil ɗin KR yana ɗauke da duk yaran da matan da aka tambaya suka haifa a shekara biyar kafin binciken, har da waɗanda suka rasu. Yi lissafi da ka: 33,924 a raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace ta tashi da ɗari tara da 'yan kai idan aka yi raba-daidai. Ɗauki kashi ɗaya cikin uku, kana wajen ɗari uku. Babu dabarar da za ta kai Filato ita kaɗai 1,000 a wannan maudu'i.

Saboda haka tambayarka ta farko a fili take: 1,000 ɗin nan, girman fayil ɗin da aka sauke ake nufi, ko adadin yaran da suka shiga lissafin ƙarshe bayan tacewa? Idan na farko ne, ka wuce tuntuni. Idan na biyu ne, dole ka faɗaɗa daga Filato.

Baffa Stat: Malama da izininki. Ni a ganina ba sai ya tayar da hankali ba, ko da ba su kai 400 ba aikin zai yiwu. Ƙa'idar da aka saba ita ce a samu aƙalla mutum goma masu matsalar a kan kowane abu da za ka sa a cikin lissafin. A ce yara 300 ne, a ce kashi 40 cikin ɗari sun tsumbure, 120 ke nan. Raba da goma, yana da damar bariyabul 12. Wa zai sa fiye da 12 a jinga? Ya rubuta wannan hujja a rahoton kawai, ba sai ya dami Dakta ba.

Malama Hadiza: Baffa, ƙa'idar haka take, amma ba bariyabul ake ƙirgawa ba, adadin abin da lissafin zai ƙiyasta ake ƙirgawa. Matakin arziƙi, v190, kashi biyar ne, wato huɗu ya ci shi kaɗai. Ilimin uwa, v106, kashi huɗu, ya ci uku. Shekarun yaro idan ka kasa su gida biyar, huɗu. Sha ɗaya ke nan. Jinsi ɗaya, birni ko ƙauye ɗaya, ka riga ka wuce 12 ba ka sa tazarar haihuwa ko ruwan sha ba.

Na biyu, waɗannan yara ba ɗaiɗai aka tsinto su daga ko'ina a jihar ba. An zaɓi unguwanni da ƙauyuka 1,400 a faɗin ƙasa, a kowanne aka ɗauki gida 30. Jiha ɗaya ke nan tana da 'yan gomomi ne kawai, kuma yaran ƙauye ɗaya suna kama da juna a abinci da ruwa da asibiti. Yara 300 daga irin wannan zaɓe ba su kai ƙarfin 300 da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya ba. Alamar da za ka gane da ita ita ce tazarar amincewa ta buɗe baki, ka ga daga 0.3 har zuwa 9, ko Stata ta jefar da wani rukuni saboda kowa a cikinsa amsa ɗaya gare shi.

Na uku kuma shi ne mafi sauƙi: takarda ta ce 1,000. Ko hujjarka ta fi ƙarfe ƙarfi, mai makin ne zai ce ya yarda, kuma gara ya ce kafin a miƙa.

Baffa Stat: Na karɓi ta ƙirgen rukuni. Amma har yanzu ina ganin da bariyabul biyar masu sauƙi Filato za ta tsaya da ƙafarta.

Malama Hadiza: Tana iya tsayawa. Shi ya sa za a sa ta a matsayin zaɓi a cikin imel ɗin, Dakta ya yanke.

Zainab U.: Ni fa ban gane damuwar ba. Ajinmu ɗaya da Auwal, maudu'inmu ɗaya sai dai ni duk ƙasa na ɗauka, kuma lissafina ya fita da yara 33,924 cif, babu wanda ya ɓace. Ko dai wurin saukewa fayil ɗinsa ya lalace ne? Auwal in turo maka nawa ta nan?

Malam Nura: Zainab, kafin ki tura komai, kashi nawa cikin ɗari kika samu sun tsumbure? Kuma liƙo mana layin da kika ƙirƙiri bariyabul ɗin da shi.

Zainab U.: Wajen kashi 12 Malam. Ga layin:

```
gen stunted = hw70 < -200
```

Malam Nura: Ga ɓarakar nan. Rahoton NDHS na 2018 ya ce kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Duk wanda ya samu 12 a ƙasa baki ɗaya ya san akwai abin da ya karkace. A Stata, gurbin da babu komai ana ɗaukarsa ya fi kowace lamba girma. Duk yaron da ba a auna ba, da wanda ya rasu, layinki ya tambaya ko hw70, makin tsayinsa bisa shekarunsa, bai kai -200 ba, amsa ta zo a'a, sai aka rubuta masa 0, wato lafiyayye. Kashi biyu cikin uku na yaranki ba a taɓa ɗora su a allon awo ba amma kin ba su shaidar lafiya. Haka ma lambobin 9996 zuwa 9998, waɗanda alama ce ta awon da bai inganta ba. Gyaran:

```
gen stunted = hw70 < -200 if hw70 < 9990
tab stunted
tab sstate if stunted < .
```

Layin ƙarshe zai nuna miki adadin kowace jiha. Adadinki zai sauko ƙwarai amma zai zauna sama da 1,000 nesa ba kusa ba, tunda duk ƙasa ce. Kada ki damu idan kasonki bai zo 37 daidai ba. Rahoton da fayil ɗin mutanen gida, PR, aka yi lissafinsa, wanda ya haɗa da yaran da ba a tambayi uwayensu ba, kuma da nauyin samfuri. Kusa da shi dai za ki samu.

Batun tura fayil kuwa, kada ki tura. Sharaɗin da kowa ya amince da shi wurin rajista shi ne ba za a ba wani datar ba tare da izini ba. Wannan ma ya kawo mu ga wata tambayar da ya kamata ta shiga imel ɗin Auwal.

Zainab U.: Innalillahi. Har na rubuta shafi huɗu a kan wancan sakamakon. Bari in koma.

Malam Nura: Gara yau da ranar da aka dawo da takarda.

Auwal, takarda ta ce a miƙa "tare da datar". Ga wanda ya tattara tasa da takardar tambayoyi wannan ba komai ba ne. Ga mai amfani da DHS akwai karo da sharaɗin da ya sa wa hannu. Abin da aka saba yi shi ne a miƙa fayil ɗin .do da fayil ɗin log, a rubuta sunan fayil ɗin da aka sauke daidai yadda yake, yadda duk mai rajista zai iya maimaita aikin daga farko zuwa ƙarshe. Kada ka rubuta wa Dakta cewa umarninsa ya saɓa doka. Ka ce sharaɗin masu datar bai ba ka damar rarraba ta ba, ko zai karɓi .do da log a madadinta. Jimla biyu sun isa.

Ishaku: To shekara biyar ɗin fa? Muna 2024. Daga 2018 ai shida ne. Ni nan na zaci matsalar take tun farko.

Malama Hadiza: Ka taɓo wurin, Ishaku. An tattara bayanan daga Agusta zuwa Disamban 2018, rahoton ƙarshe kuma a 2019 ya fito. Idan daga tattarawa ake ƙirge, ta wuce. Idan daga fitowar rahoto ne, tana bakin layi. Zuwa wannan lokaci a 2024, sabon zagayen na 2023–24 ba a saki datarsa ba tukuna, don haka a jerin NDHS ita ce ta baya-bayan nan da ɗalibi zai iya saukewa. Zato na shi ne Dakta zai ce ba komai, watakila ma ita yake da ita a rai da ya rubuta takardar. Amma wannan ce tambayar da idan amsarta ta zo a'a, duk aikin ya rushe, don haka ita za ta zo farko, kafin ta 1,000.

Baffa Stat: Idan ya ce a'a akwai MICS ta 2021, ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF. Tana cikin shekara biyar babu gardama.

Malam Nura: Akwai ta. Amma kada Auwal ya ambace ta a imel a matsayin mafita sai ya buɗe takardun tambayoyinta ya tabbatar abin da yake son aunawa yana ciki. Mutane suna yi wa malami alkawarin komawa wata data, sai an amince sannan su tarar babu bariyabul ɗin, a dawo neman wa'adi na biyu, wanda ya fi na farko wuyar samu. Ga kuma rajista daban a shafin MICS da jiran amincewa, fayilolin kuma na SPSS ne, irin su ch.sav da wm.sav, sunayen bariyabul duk daban. Duk layukan da ya rubuta sai ya sake su. Wannan shi ne ainihin abin da zai sa a nemi kwanaki da yawa.

Malama Hadiza: Wanda ya kawo mu kan wa'adin. Auwal, kada ka nemi lokaci a dunƙule. Zauna ka rubuta abin da ya rage da kwanakin da kowanne zai ci. Idan Dakta ya ce a faɗaɗa zuwa shiyyar Arewa ta Tsakiya, wato v024 mai lamba 1, Filato da Binuwai da Nasarawa da Neja da Kogi da Kwara da Abuja, za ka haura 1,000 cikin sauƙi. Canjin a Stata na minti goma ne. Abin da ke cin lokaci shi ne rubutu: gabatarwar da ka gina a kan Filato, teburan bayani, fassarar sakamako. A ce kwana ɗaya na sake lissafi da duba shi, biyu na rubutu, ɗaya na karantawa da gyara. Idan amsa ta zo Alhamis, ka ga Litinin ko Talata ka gama. Nemi Laraba mai zuwa, ka faɗi ranar da kwanan watan da ƙarfe nawa. Wanda aka ce masa "Laraba ƙarfe 4" zai iya amsawa da kalma ɗaya. Wanda aka ce masa "lokaci kaɗan" sai ya yi ciniki da kai.

Kuma idan ka zo ware shiyyar, kada ka goge sauran jihohin daga fayil. Bar su, ka gaya wa Stata rukunin da kake so, don kuskuren ƙiyasi ya fita daidai:

```
gen wt = v005/1000000
svyset v021 [pw=wt], strata(v022)
gen nc = v024==1 & stunted < .
svy, subpop(nc): logistic stunted i.v190 i.v106 i.b4 i.v025
```

Auwal: Na gode Malama. To in ƙara tambaya ta huɗu, ko yana so a yi amfani da nauyin samfuri?

Malama Hadiza: A'a. Wannan ba abin tambaya ba ne, abin faɗa ne. Data irin wannan da nauyi ake aiki da ita, tunda ba daidai da yawan jama'arsu aka ɗebi jihohi ba. Ka sa shi a jimlar da kake faɗin abin da ka riga ka yi. Idan yana da ja, zai faɗa. Tambaya uku sun isa. Da zarar sun kai biyar ko shida, za a amsa ta farko da ta ƙarshe a bar na tsakiya.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni shawarata ya ce ba shi da lafiya kawai, ko an yi rasuwa a gida. Malamai sun fi tausayawa a nan. Duk wannan dogon bayani na lambobi zai sa Dakta ya ga kamar ana koya masa aikinsa.

Malam Nura: Hajiya, a'a. Ban da kasancewarsa ƙarya, ba ya ma biyan buƙata. A ce an tausaya an ba shi sati guda. Ranar da satin ya cika yana nan da yaransa da ba su kai 400 ba, bai san ko 2018 ta karɓu ba. Rashin lafiya na gaske kuma hanyarsa daban, da takardar asibiti ake bi, sau da yawa ta ofishin sashe. Amma maganarki ta biyu tana da ƙamshin gaskiya: yadda aka jera lambobin zai iya zama kamar gyara ake yi wa malami. Maganinsa shi ne kowace tambaya ta fito a matsayin "ga abin da na tarar, wanne kake so", ba "takardarka ba ta fito da kyau ba".

Auwal: Ga sabon da na haɗa daga maganganunku.

Taken saƙo: lambar kwas, sannan "Jinga ta 2: tambaya uku kan data da neman ƙarin wa'adi zuwa Laraba", sannan sunana da lambar rajista.

"Ranka ya daɗe Dakta, barka da aiki.

Sunana Auwal, ina cikin ɗaliban kwas ɗinka na nazarin bayanan lafiya. Ina neman izinin miƙa jinga ta 2 ranar Laraba mai zuwa ƙarfe 4 na yamma maimakon Juma'ar nan, saboda abubuwa uku da nake buƙatar hukuncinka a kansu kafin in kammala.

Maudu'ina shi ne tsumburewar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Filato. Na sauke fayil ɗin yara na NDHS 2018, na tace shi, na saita nauyin samfuri, na fitar da teburin farko, wanda na maƙala a nan.

1. An tattara datar a 2018, rahoton ya fito a 2019. Ta cika sharaɗin shekara biyar?
2. Fayil ɗin yana da layi 33,924, amma yaran Filato da aka auna ba su kai 400 ba. In tsaya a Filato da bariyabul kaɗan, ko in faɗaɗa zuwa Arewa ta Tsakiya don in haura 1,000?
3. Sharaɗin masu datar bai ba ni damar rarraba ta ba. Za ka karɓi fayil ɗin .do da na log a madadinta?

Idan ban ji daga gare ka ba zuwa Alhamis, zan ci gaba da Arewa ta Tsakiya in miƙa ranar Laraba.

Na gode ƙwarai."

Malama Hadiza: Sama da ƙasa ke nan tsakaninsa da na farko. Gyara biyu ƙanana. "Ba su kai 400 ba" a nan cikinmu ya wadatar, a imel sa ainihin lambar da `tab` ya ba ka. Lamba tsayayya ita ke nuna ka buɗe fayil ɗin da hannunka. "Laraba mai zuwa" kuma ka haɗa da kwanan wata, domin idan ya karanta gobe Laraba zai iya ɗauka wata kake nufi. Teburin ka mai da shi PDF shafi ɗaya, ba hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya ba.

Malam Nura: Ni jimlar ƙarshe ce ta tsaya mini a wuya. "Idan ban ji daga gare ka ba zan miƙa ranar Laraba." Wato ka ba kanka wa'adin da kake roƙo. Shirun malami ba izini ba ne. Idan bai ga saƙon ba sam, ranar Juma'a ƙarfe 4 sunanka yana cikin waɗanda ba su miƙa ba, kuma ba ka da abin nunawa. Abu biyu ka cakuɗa. Wace hanya za ka bi da aikin kafin amsa ta zo, wannan naka ne, kana iya faɗa. Ranar miƙawa kuwa tasa ce. Ni zan rubuta: "Kafin in ji daga gare ka ina ci gaba da aiki a kan Arewa ta Tsakiya don kada lokaci ya tafi. Idan ƙarin wa'adin bai yiwu ba, zan miƙa abin da na kammala ranar Juma'a."

Baffa Stat: Malam, wannan jimlar ta ƙarshe ai ka ba shi ƙofar ƙi ne. Yana gani zai ce to miƙa Juma'ar, tunda za ka iya.

Malam Nura: Zai iya cewa haka, kuma haƙƙinsa ne. Amma ƙofar ƙi tana hannunsa ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Abin da jimlar take yi shi ne ta nuna yaron ba ya zauna ne yana jiran a ɗaga masa ba.

Malama Hadiza: A nan ina tsakiya. Na yarda a cire wadda Auwal ya rubuta. Rabin farko na ta Malam Nura ya zauna. Rabi na biyu ni da zan bar shi a zuciya: in shirya miƙawa Juma'a, amma ba sai na rubuta ba. Malamai sun bambanta, Auwal ya fi mu sanin nasa.

Ishaku: Tambaya. Me ya sa ba zai je ofis kawai ba, ko ya kira? Wasu malamanmu sai su yi sati ba su buɗe imel ba. Kuma tunda tambaya ta 1 da ta 3 sun shafi duk wanda ya ɗauki NDHS a ajin, ba wakilin aji ya kamata ya tura ba?

Malam Nura: Zuwa ofis yana da kyau, amma bayan imel, ba a madadinsa ba. Ƙarin wa'adin da aka bayar da baki a baranda, ranar haɗa maki babu mai tunawa. Tsarin da zan ba shi: ya tura gobe da safe tsakanin 7 da 8, daga adireshin makaranta idan yana da shi, ba ƙarfe ɗayan dare ba. Idan Dakta ya saba karɓar saƙon waya daga ɗalibai, layi ɗaya da rana: na tura imel kan jinga ta 2, ina roƙon a duba. Kada ya kwafe duka tambayoyin a can, amsa za ta rabu gida biyu. Idan har safiyar Alhamis shiru, ya buga imel ɗin a takarda ya je ofis a lokacin ganin ɗalibai. Duk abin da aka faɗa masa a can, ya dawo ya amsa a ƙarƙashin saƙon farko: na gode da ganawar yau, na fahimci ka amince da kaza da kaza, da miƙawa ranar kaza.

Batun wakilin aji, tambayoyin data za su iya bi ta hannunsa, amsar ta amfani kowa. Neman wa'adi kuwa idan ya zama na aji duka, wani abu ne daban, malami yana iya ganin taron dangi aka yi masa.

Zainab U.: Na gyara, yanzu kasona ya dawo kusa da na rahoton. Amma ni ma ke nan sai na sake rubutu, kuma tambaya ta 1 da ta 3 nawa ne. Auwal ka sa ni a CC mana, ko mu sa hannu tare.

Malama Hadiza: Kada ku haɗa. Dalilinku ba ɗaya ba ne. Shi sharaɗin takarda ne ya tsayar da shi, ke gyaran lissafi ne, kuma naki zai iya ƙarewa kafin Juma'a idan kika zauna masa gobe, tunda teburan ne za su canza ba maudu'in ba. Jira amsar da zai samu a kan 1 da 3.

Baffa Stat: Ni dai har yanzu da wakilin aji ya tura 1 da 3 yau da dare, Auwal ya rage nasa zuwa tambaya ɗaya da wa'adi. Gajeren saƙo ya fi saurin samun amsa.

Auwal: Wakilin namu sai ya ga dama yake duba waya, ba zan rataya Juma'ata a wuyansa ba. Zan bar ukun, in sa ainihin lambar da kwanan wata, in ɗauki rabin farko na jimlar Malam Nura. Rabi na biyun zan kwana a kansa. Malama, teburin da zan maƙala, na Filato kaɗai zan sa ko in haɗa da na shiyyar?

Malama Hadiza: Haɗa su gefe da gefe a shafi ɗaya, kowanne da adadin yaransa a sama. Na shiyyar ka fitar da shi da `subpop` kamar yadda na nuna, adadin kuma ka sa wanda ba a ɗora wa nauyi ba, don shi ne ake gwadawa da 1,000 ɗin.